Sannunku da Zuwa: Rubutun Bidiyon Tarbar Sababbin Ɗalibai na Sashen Labarin Ƙasa

Tsawon bidiyo: minti 1 da daƙiƙa 52.

Masu magana su biyar ne: Shugabar Sashe, Baba mai kula da tashar yanayi, Malamin Taswira, ɗaliba 'yar aji 4, da Malami mai ba 'yan aji 1 shawara. Babu mai sharhi daga bayan fage. Duk muryar da za a ji ta mutumin da ɗalibi zai iya cin karo da shi a baranda ce. Yawancin masu kallo a waya za su buɗe shi, wasu ma ba tare da sauti ba, saboda haka kowace magana za ta fito a rubuce a ƙasan allo, da rubutu mai girma, da haruffa masu ƙugiya daidai: ɓ, ɗ, ƙ.

FITOWA TA 1 (0:00 zuwa 0:11). Tashar yanayi, bayan ginin sashe, da safe.

Ba a fara da kiɗa ba, ba a kuma fara da tambarin sashe ba. Abu na farko da za a gani hannun Baba ne, kusa-kusa, yana ɗaga mazurarin ma'aunin ruwan sama, ya ciro kwalbar da ke ciki, ya juye ruwan a gilashin awo. A bar sautin zubar ruwan ya fito sosai. Baba ya ɗaga gilashin daidai idonsa, domin haka ake karanta shi, wanda ya karanta daga sama ko daga ƙasa zai sami lambar da ba ita ba. Kyamara ta ja baya a hankali har a ga farin akwatin ma'aunan zafi tsaye a kan ƙafafunsa, da ɗaliba 'yar aji 4 riƙe da babban littafin rajista.

BABA, ga ɗalibar: Milimita 12. Rubuta.

Ta rubuta. Baba ya waiwayo, kamar yanzu ya lura da kyamara.

BABA: A'a, ku ne sababbin? To, sannunku da zuwa. Daga mako mai zuwa, wannan littafin a hannunku yake.

Rubutu a allo: Ruwan milimita 12 na nufin lita 12 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa.

Idan ba a yi ruwa ba a daren da za a wayi gari a ɗauka, a jira ranar da aka yi. Lambar da gilashi ya nuna ita Baba zai faɗa, sai a gyara rubutun allo ya yi daidai da ita. Littafin na gaske ne, ba a shigar masa da lambar wasa.

FITOWA TA 2 (0:11 zuwa 0:34). Ƙofar shiga sashe.

Kiɗa mai taushi ya shigo ƙasa-ƙasa. Shugabar Sashe tana tsaye a bakin ƙofa, ɗalibai suna wucewa ta bayanta yadda suka saba. Kada a kore su, kada kuma a jera su. Tana kallon cikin kyamara kai tsaye, ba takarda a hannunta.

SHUGABAR SASHE: Barkanku da zuwa Sashen Labarin Ƙasa. Ni ce shugabar sashen. Mun ga sunayenku a takarda, yanzu fuskokinku muke ɗokin gani. Na san wasunku nan suka nema. Wasu kuwa wani sashen suka so, aka turo su nan. Dukanku mun karɓe ku hannu bibbiyu, kuma ba za mu tambayi kowa ta wace ƙofa ya shigo ba.

A kan jimlar “wasu kuwa wani sashen suka so” ta ɗan sassauta murya, ta ɗan dakata kafin ta ci gaba. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a bidiyon. Akwai ɗalibin da zai kalla da ɓacin rai a zuciyarsa saboda bai sami abin da ya nema ba, kuma yana zaton ba wanda ya sani. Idan lokaci ya matse wajen tacewa, a rage wani wuri, a bar wannan.

FITOWA TA 3 (0:34 zuwa 1:00). Ɗakin taswira.

Malamin Taswira ya jawo ɗaya daga cikin faffaɗan aljihunan ajiya, ya shimfiɗa kwafin taswirar duniya ta al-Idrisi, masanin labarin ƙasa na zamanin da, a kan tebur. Kyamara daga sama take kallon teburin. Ɗalibai uku sun sunkuyo.

MALAMIN TASWIRA: Wa zai nuna mini Afirka a nan?

Wani ɗalibi ya kai yatsa ƙasan takardar, ya tsaya, ya janye. Dariya kaɗan. Malam ya ɗora hannu a saman taswirar.

MALAMIN TASWIRA: Ga ta a sama. Aikin al-Idrisi ne, na shekarar 1154. Kudu ya sa a sama, kuma bai yi kuskure ba. Kowace taswira, wani ne ya zaɓi abin da zai nuna da abin da zai bari. A nan za ku koyi karanta ta, sannan ku zana taku, da hannu da kuma na'ura.

Rubutu a allo, ƙarami a kusurwa: Al-Idrisi ya kammala aikin a tsibirin Sisili, a fadar Sarki Roja na 2.

Da ya ce “da hannu”, a yanka zuwa fensir yana bin layukan tudu a kan taswira mai ma'aunin 1:50,000, rula a gefe, inda santimita 2 ke daidai da kilomita 1 a ƙasa. Da ya ce “na'ura”, a yanka zuwa ɗakin kwamfuta: ɗaliba ta buɗe QGIS, manhajar zana taswira, tana ɗora layin kogi a kan hoton tauraron ɗan'adam. Daƙiƙa 2 kowanne ya isa. Ɗalibin da zai nemi Afirka kada a nuna masa taswirar kafin ɗauka. Ruɗewar gaske ake so, ta wasan kwaikwayo ba ta ɓuya.

FITOWA TA 4 (1:00 zuwa 1:11). Aikin fili.

Hotuna gajeru daga fitar da 'yan aji 3 suka yi a zangon da ya wuce: ana jan tef ɗin awo a ƙetaren kwari, wani yana duba kamfas, wata tana murza ƙasa tsakanin yatsu don ta gane yashi ce ko laka, sai takalma jere a bakin mota, duk sun yi futu-futu. Kiɗa ya ɗan ɗaga. Muryar ɗaliba 'yar aji 4 ce ke bisa hotunan, ba a ganin ta tukuna.

ƊALIBA: A fili kuwa za ku sha rana, ba ɓoye-ɓoye. Amma ranar da ka ga kwarin da ka taka da ƙafarka ya fito a taswirar da ka zana, gajiyar ta tafi.

FITOWA TA 5 (1:11 zuwa 1:33). Barandar sashe.

Yanzu an gan ta, tana tafe, kyamara na biye da ita a kafaɗa. Ta wuce allon sanarwa, ta wuce matakala. Magana take yi irin ta yaya da ƙannenta, don haka kada a sa ta haddace kalma-kalma. In ta canja wata kalma ma'ana ba ta canja ba, a bar ta.

ƊALIBA: Ƙannena, makon farko akwai ruɗu. Ga layin rajista, ga jadawali, ga ajin da ba ka san inda yake ba. Ko mu masu karatun taswira sai da muka ɓata. Abu ɗaya dai: kada ka cike fom ɗin kwasa-kwasai sai ka ga Malam mai ba ku shawara. Ofis na 7. In kunya ta hana ka, tare ni a nan, in raka ka.

Ta tsaya a ƙofar ofis na 7, ta ƙwanƙwasa duk da ƙofar a buɗe take. A tabbata lambar da ke jikin ƙofar ta fito sosai a hoto, sabon ɗalibi ita zai zo yana nema.

FITOWA TA 6 (1:33 zuwa 1:43). Cikin ofis na 7.

Malam ya ɗago daga takardu, ya nuna kujerar da ke gabansa, wadda ba kowa a kai. Kiɗa ya sauka.

MALAM MAI BA DA SHAWARA: Ku shigo. Ku zo da takardar samun gurbi da fom ɗinku. Matsalar karatu ce, ta kuɗi ce, ta lafiya ce, ku faɗa mini tun tana ƙarama.

Rubutu a allo: Ofis na 7, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 9 zuwa 12 na rana.

Ba sai an share teburin Malam tas ba. A kawar da duk takardar da ke ɗauke da suna ko sakamakon wani ɗalibi, sauran a bar su yadda suke.

FITOWA TA 7 (1:43 zuwa 1:52). Matakalar gaban sashe.

Malamai, ma'aikatan ofis, masu kula da ɗakunan aiki, masu shara da ɗaliban da suka samu zuwa, duk a cakuɗe, ba a jera su bisa muƙami ba. Shugabar Sashe a tsakiya, Baba kusa da ita.

SHUGABAR SASHE: Ranar Litinin, ƙarfe 10 na safe, a ɗakin taro na sashe. Muna jiran ku.

KOWA DA KOWA: Sannunku da zuwa!

Ba za su haɗa baki daidai ba, wani zai riga, wani zai makara. A ɗauki wanda aka fi dariya a cikinsa.

Allon ƙarshe ya tsaya daƙiƙa 3, kiɗa na ƙarewa a kansa. A sama sunan sashe da tambarinsa. A tsakiya ƙaramar taswira da 'yan aji 2 suka zana da hannu, daga babbar ƙofar jami'a zuwa ginin sashe, da kibiyar arewa da ma'auni a ƙasanta, an yi wa ɗakin taro da ofis na 7 alama da ja. A ƙasa: Taron sababbin ɗalibai, Litinin, ƙarfe 10 na safe. Wannan allon za a fitar da shi daban a matsayin hoto, a tura tare da bidiyon, domin wanda datarsa ba ta isa buɗe bidiyo ba ya sami hanya da lokaci.