Zuwa ga Rakiya, a kan jimlar nan ta takardar neman burs

Maraɗi, unguwar Ali Ɗan Sofo
Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025

Rakiya ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ya sanyi, ya hazo? Ya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce mata man zafin yana nan, zan ba direban Madarunfa ranar kasuwa.

Takardarki ta iso ta waya daren jiya, na karanta ta sau uku. Kin yi dabara da kika fara rubuta ta da Hausa. In magana ta zauna daidai a harshen da kike tunani da shi, mayar da ita Faransanci aikin yini ɗaya ne. Farkonta ya yi, ƙarshenta ma ba laifi. Jimla ɗaya ce a tsakiya ta tsaya mini a wuya, kuma na ga ke ma ta dame ki, tunda kala biyu kika aiko kika ce in zaɓa.

Ta farko:

"Ni ce ɗalibar da ta fi kowa hazaƙa a ajinmu, ni kaɗai na ceto matan ƙauyenmu daga asarar wake, saboda haka babu wanda ya cancanci wannan tallafi kamar ni."

Ta biyu:

"Ko da yake ni ba kowa ba ce, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni, ina roƙonku don Allah ku dubi halin da nake ciki ku taimaka mini."

Ban zaɓi ko ɗaya ba. Na san yadda aka yi: kin rubuta ta farkon, kin karanta, kunya ta kama ki, sai kika ruga kika faɗa ta biyun. Gidanmu ne, haka aka rene mu, an ce yabon kai jahilci. Amma mutanen da za su karanta dosiyenki ba su taɓa ganinki ba, ba su san Inna ba, ba wanda zai tashi a cikinsu ya ce ai yarinyar nan na san ta, tana da ƙoƙari. Abin da ke kan takardar shi ne ke a wurinsu. In kika ce ke ba kowa ba ce, sai su yarda da ke su ɗauki dosiye na gaba.

Bari in bi ta farkon gaɓa-gaɓa, don a cikinta naman yake.

"Ta fi kowa hazaƙa." Rakiya, ta biyu kika zo. Takardar sakamakonki tana cikin dosiyen nan, shafi biyu kacal tsakaninta da wannan jimla. Mai karatu zai juya ya ga 14,6 bisa 20, ta biyu cikin ɗalibai 46, daga nan duk abin da kika faɗa sai ya riƙa auna shi da shakka. Alhali ta biyu cikin 46 abin faɗa ne da ƙarfin murya. Na yi shekara 31 ina riƙe da alli, ban taɓa ganin kalmar hazaƙa ta ƙara wa ɗalibi maki ko rabi ba. Rubuta lambar ki wuce. Su za su ce hazaƙa da bakinsu.

"Ni kaɗai na ceto." A nan na ɗan yi dariya, ki yi haƙuri. Wa ya tara matan a ƙofar gida? Inna ce. Wa ya noma waken, ya roro, ya sussuka, ya shanya shi har ya bushe ƙarau? Su ne. Buhun nan mai ruɓi uku da kuka adana waken a ciki kuma ba ke kika ƙirƙiro shi ba: masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, shi ya sa ake ce masa PICS, harafin P ɗin na Purdue ne, kuma ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Tarna sun daɗe suna yaɗa shi a jihar Maraɗi. Cikin masu tantance takardun mai yiwuwa akwai wanda ya yi aikin nan tun kina firamare. Yana ganin "ni kaɗai" zai ajiye biro.

To amma kar wannan ya sa ki goge kanki daga labarin. Ke kika ɗauko buhunan daga kasuwar Maraɗi da kuɗin aljihunki. Ke kika tsuguna kika nuna musu yadda ake duba leda ko ta huje, yadda ake matse iska, a ɗaure ledar ciki daban, ta tsakiya daban, sannan buhun waje. Ke kika yi musu bayanin dalilin da ya sa ba a buƙatar jefa ƙwayar magani: in an toshe iska, ƙwaron yakan cinye ƴar iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Na tuna da kika ce wata tsohuwa ta rantse sai ta saka ƙwaya a ɓoye, kika zauna da ita har la'asar. Kuma ke kika riƙe kaye kina rubuta sunan kowace mace da ranar da aka ɗaure buhunta. Wannan kayen mai bangon shuɗi da ya sha maiƙo, shi ne jarinki, ban ga kin ambace shi ko sau ɗaya ba.

Saboda haka inda hannunki ya yi aiki, ki ce "na". Inda kuka haɗu, ki ce "muka". Kar ki ɓuya a bayan "aka yi", don na ga kin yi haka a sakin layi na biyu, "aka koya wa mata", kamar aljanu ne suka zo suka koyar.

"Babu wanda ya cancanta kamar ni." Ba ki ga takardun sauran ba. Wataƙila akwai yaron Dakwaro ko yarinyar Tasawa da ta yi abin da ya fi naki. Hukuncin na masu ba da burs ne, ki bar musu aikinsu. Wannan gaɓar a cire ta ɗungurungum.

Ta biyun ba zan daɗe a kanta ba. Roƙo ne, kuma su karatu suke son ɗaukar nauyi, sun kuma tanadi wata takarda daban ta halin iyali. Rasuwar babanki da ɗawainiyar da ke kanki a can za su shiga, a faɗe su sau ɗaya, a tsaye.

Ga yadda na mayar da ita. Ta zama jimla biyu, ɗaya ba za ta ɗauka ba:

"A kakar 2023 na koya wa mata 23 na ƙauyen kakata, a yankin Madarunfa, yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da magani ba. Cikin buhu 40 da muka ɗaure a watan Nuwamba, 37 sun fito babu ƙwaro da aka kwance su a watan Mayu, ukun da suka lalace kuwa su ne suka sa nake neman ci gaba da karatu."

Na san za ki ce me ya sa Kawu ya tona asirin buhu ukun. Da gangan na yi. Duk wanda ya taɓa aikin gona ya san ba a samun 40 bisa 40, wanda ya ce ya samu ko dai bai ƙirga ba ko ya rufe wani abu. Ukun nan su ke sa a yarda da 37 ɗin. Sannan su ne suka ba ki abin da za ki je ki bincika, ba su bar ki da "ina son in taimaki ƙasata" da kowa ke rubutawa ba. In sun kira ki hira, ina kyautata zaton a kansu za su fara tambaya, ke kuwa kin san amsa: biyu ɓera ya huda, ɗaya an kwance shi don biki aka mayar ba a ɗaure da kyau ba.

Ga sakin layin gaba ɗaya yadda zai zauna. Kalmominki ne mafi yawa, na dai jera su:

"Na kammala lisans a fannin noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi a 2024, da matsakaicin maki 14,6 bisa 20, na zo ta biyu cikin ɗalibai 46. A kakar 2023 na koya wa mata 23 na ƙauyen kakata, a yankin Madarunfa, yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da magani ba. Cikin buhu 40 da muka ɗaure a watan Nuwamba, 37 sun fito babu ƙwaro da aka kwance su a watan Mayu, ukun da suka lalace kuwa su ne suka sa nake neman ci gaba da karatu. Biyu ɓera ya huda su, ɗaya an buɗe shi kafin lokaci. Na rubuta tarihin kowane buhu tun ranar ɗauri har ranar kwancewa. Da kaka ta zagayo, na tarar yawancin matan sun sake amfani da tsofaffin buhunansu, wasu da faci, domin sabo ya yi musu tsada. Abin da nake son bincike a karatun masta shi ne: kaka nawa buhu ɗaya zai iya yi a rumbun ƙauye kafin ya daina kare wake, kuma wane irin faci ne ke riƙe iska. Ina da matan da za su yi aikin tare da ni, ina da bayanan kaka biyu. Abin da ya rage mini shi ne horo a ɗakin gwaji da kuɗin karatu na shekara biyu, wannan nake nema a wurinku."

Ki lura da jimlar ƙarshe. Kin nemi abin da kike nema kai tsaye, ba ki durƙusa ba, ba ki kuma ɗaga hanci ba. Haka mahaifiyarki take ciniki a kasuwa, ta faɗi kuɗi ta yi shiru.

Abu biyu kafin ki fassara. Ki buɗe kayen ki tabbatar da lambobin, don daga bakinki na ɗauke su lokacin da kika zo hutun Sallah, tsufa kuma ya fara taɓa ni. In mata 22 ne, ki rubuta 22. In buhu 36 ne suka tsira, ki rubuta 36, ba abin da zai ragu. Kuma "bayanan kaka biyu" sai in da gaske kin ci gaba da rubutu a kakar 2024, in ba haka ba ki mayar da shi kaka ɗaya.

Na biyu, in kin zo Faransancin, ki yi hankali da manyan kalmomin nan da ɗalibai ke kwafowa daga tsofaffin takardu, masu cewa mutum jajirtacce ne, mai kishi, mai himma marar iyaka. Faransanci yana da saurin kumbura. Duk kalmar da ba za ki iya faɗa wa Inna da Hausa ba tare da kin sunkuyar da kai ba, ki cire ta.

Kin ce 28 ga wata ake rufe karɓa. Ki shigo Maraɗi ranar Alhamis 13 ga wata da kayen da kwafin sakamakonki, mu zauna bayan azahar mu karanta fassarar da ƙarfi. Ki biya ta wurin malaminki da zai rubuta miki takardar shaida, ki ba shi wannan sakin layin ya gani, don kada lambobinsa su saɓa da naki. In za ki taho, ki ce wa Inna ta auno mini tiya biyu daga waken nan, in ɗanɗana abin da nake sa hannu a kansa.

Allah ya ba da sa'a, ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mushe Isufu