Tambaya ta 3: Bayanin Sauye-sauyen Jarin Masu Kamfani (maki 20)

Wani kamfanin casar shinkafa da ke Kano yana rufe littattafansa ranar 31 ga Disamba kowace shekara. A ranar 1 ga Janairu 2024, ga yadda jarin masu kamfanin yake:

Hannun jari miliyan 400, kowane ɗaya kobo 50: Naira miliyan 200
Rarar farashin hannun jari: Naira miliyan 45
Rarar sake kimanta kadarori: Naira miliyan 30
Ribar da aka tara: Naira miliyan 118

Abubuwan da suka faru:

(a) Ranar 20 ga Afrilu, babban taron masu hannun jari ya amince da rabon ribar ƙarshe ta 2023, kobo 5 a kan kowane hannun jari. An biya a watan Mayu.

(b) Ranar 1 ga Yuli, kamfanin ya yi wa masu hannun jarinsa tayin sabon hannu ɗaya a kan kowane huɗu da suke da su, a kan kobo 80. An saye duka. Kuɗin lauyoyi da dillalai na wannan aiki ya kai Naira miliyan 2, akawun kamfanin kuma ya zuba shi cikin kuɗaɗen gudanarwa.

(c) Ranar 30 ga Satumba an biya rabon riba na wucin gadi, kobo 2 a kan kowane hannun jarin da ke akwai a ranar.

(d) Ranar 31 ga Disamba, ƙwararren mai kimanta kadara ya kimanta filin masana'antar a kan Naira miliyan 126. A littafi, Naira miliyan 90 yake.

(e) Rumbun ajiyar shinkafa, wanda aka sake kimantawa a baya, ya jawo ƙarin raguwar daraja ta Naira miliyan 3 a bana. Al'adar kamfanin ce ya kwashe irin wannan adadi daga rarar kimantawa zuwa ribar da aka tara.

(f) Ribar shekara kamar yadda akawu ya fitar: Naira miliyan 64.

(g) Ranar 12 ga Fabrairu 2025, kafin a sa hannu a kan rahoton kuɗi, daraktoci sun ba da shawarar rabon ribar ƙarshe ta kobo 6.

Kada ka yi la'akari da haraji.

Abin da ake buƙata:
1. Shirya bayanin sauye-sauyen jarin masu kamfanin na shekarar 2024 bisa tsarin IAS 1, tare da nuna lissafinka. (maki 15)
2. Bayyana yadda za a yi da abu na (g) da dalilinsa. (maki 5)

Jagorar amsa ga masu duba takarda (adadi a miliyoyin Naira)

| Bayani | Hannun jari | Rarar farashi | Rarar kimantawa | Ribar da aka tara | Jimla |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 ga Janairu 2024 | 200 | 45 | 30 | 118 | 393 |
| Ribar shekara | | | | 66 | 66 |
| Sake kimanta fili | | | 36 | | 36 |
| Sabbin hannayen jari | 50 | 30 | | | 80 |
| Kuɗin fitar da su | | (2) | | | (2) |
| Rabon riba | | | | (30) | (30) |
| Kwashe rarar rumbu | | | (3) | 3 | 0 |
| 31 ga Disamba 2024 | 250 | 73 | 63 | 157 | 543 |

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne rabon riba. Na Afrilu ya hau kan hannun jari miliyan 400 ne, wato miliyan 20, domin a lokacin ba a fitar da sababbi ba. Na Satumba kuwa ya hau kan miliyan 500, wato miliyan 10. Wanda ya yi amfani da adadi ɗaya a duka biyun, a ba shi rabin makin wannan layi.

Akawu ya yi kuskure a (b). IAS 32 ta ce kuɗin da aka kashe kai tsaye wajen fitar da hannun jari daga jari ake cire shi, ba daga riba ba. Don haka a mayar da miliyan 2 kan riba ta koma 66, a cire su daga rarar farashi. A lura, jimlar 543 ba ta canzawa ko an gyara ko ba a gyara ba, saboda haka kada mai dubawa ya ga jimla ta yi daidai ya wuce. A leƙa kowane ginshiƙi.

Miliyan 36 na fili ba ribar ciniki ba ce, ba a sayar da komai ba. IAS 16 ta kai ta sauran kuɗin shiga na gaba ɗaya, ta zauna a rarar kimantawa.

Abu na (g) ba ya shiga jadawalin. A ranar 31 ga Disamba babu wanda ke bin kamfanin wannan kuɗi, shawara ce kawai da ta zo bayan rufe shekara. Bisa IAS 10, a bayanan ƙarin haske za a ambaci miliyan 30 ɗin (kobo 6 sau miliyan 500). Maki 2 na hukunci, 2 na dalili, 1 na lissafin adadin.