Darasin Gaskiya: Rigar Annabi Yusuf

Wannan darasi na 'yan aji ɗaya da aji biyu ne na Islamiyyarmu da ke Mabera, wato yara masu shekara 6 zuwa 8, kuma an tsara shi domin safiyar Asabar, na tsawon minti 45. Malamar aji ta tanadi tsohuwar farar riga ta yaro, da ɗan kwano na jar ƙasa da aka dama ta yi kauri kamar kunu, da bokitin ruwa, da sabulu, da dabino wanda zai isa kowane yaro ya samu ɗaya. A shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro kafin rana ta ɗaga, domin aikin zai ɓata ɗaki. Bulala kuwa a bar ta a ofis ranar nan, saboda yawancin ƙaryar da yaro ɗan shekara bakwai yake yi tsoro ne ke haifar da ita, kuma ba zai saki jiki ya yi maganar laifinsa yana kallon abin da za a dake shi da shi ba.

Bayan sallama da addu'ar buɗe karatu, malama ta tambayi yara: "Wane ne aka taɓa aike shago, ya dawo da canji?" Hannaye za su tashi da yawa. Ta sake tambaya: "To, idan canjin ya faɗi a hanya, me yaro zai gaya wa Inna?" Ta saurari amsa uku ko huɗu ba tare da ta yaba ko ta kushe ba, sannan ta ce yau za su ji labarin wasu 'yan'uwa da suka koma gida da dare suna kuka, alhali kukan nasu ba na gaskiya ba ne.

Labarin yana cikin Suratu Yusuf, sura ta 12, mai ayoyi 111. Abin da ake buƙata shi ne ayoyi na 4 zuwa 18, sai kuma na 91 zuwa 98. Malama ta karanta su a gida tun daren Juma'a, amma a gaban yara ta ba da labarin da ka, tana kallon fuskokinsu, kamar haka:

"Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana da 'ya'ya maza da yawa, kuma a cikinsu akwai wani ƙarami mai suna Yusuf. Wata rana Yusuf ya ce wa babansa ya yi mafarki ya ga taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada. Babansa ya ce kada ya gaya wa 'yan'uwansa. Yayyen Yusuf suna jin haushinsa, domin a ganinsu babansu ya fi son shi da ɗan'uwansa a kansu. Sai suka je suka ce: 'Baba, ka bar Yusuf ya bi mu gobe, ya ci ya sha ya yi wasa, mu kuwa za mu tsare shi.' Babansu ya ce yana tsoron kada kerkeci ya cinye shi suna can sun shagala. Suka ce haka ba za ta faru ba, ga su da yawa.

"Da suka yi nisa da gida, sai suka jefa Yusuf cikin rijiya. Yanzu fa ga matsala: me za su gaya wa babansu? Suka shafa wa rigar Yusuf jinin da ba nasa ba, suka dawo gida da dare suna kuka. Suka ce: 'Baba, mun tafi tsere, muka bar Yusuf wurin kayanmu, sai kerkeci ya cinye shi.' Annabi Yakubu ya dubi rigar, ya gane ba gaskiya suka faɗa ba. Bai yi zagi ba. Ya ce zai yi haƙuri mai kyau, kuma Allah ne abin neman taimako."

A nan malama ta dakata, ta sa yara su ƙirga ƙaryar da yatsu: alkawarin tsaro ɗaya, kuka biyu, labarin tsere da kerkeci uku, jinin riga huɗu. Wannan ƙirga ita ce zuciyar darasin, kada a yi gaggawar wuce ta, domin da ita yaro zai gani da idonsa cewa laifi guda ne aka yi, amma sai da aka tara ƙarya huɗu don a rufe shi. Yara sukan tambaya mene ne kerkeci. A ce musu naman daji ne mai kama da babban kare, kada a mayar da shi kura don sauƙi, tunda Alƙur'ani kerkeci ya ambata. Malaman tafsiri sun kawo cewa Annabi Yakubu ya lura rigar ba ta yage ba, ya yi mamakin kerkecin da zai ci yaro ya bar rigarsa lafiya. Yara suna son wannan wurin ƙwarai, kuma babu laifi a faɗa musu, muddin malama ta ce bayanin malamai ne, ba lafazin ayar ba.

Sai ta ci gaba a taƙaice, ta tsallake zaman Yusuf a gidan Aziz da kurkuku, domin wannan na manyan azuzuwa ne:

"Allah bai bar Yusuf ba. Ayarin fatake suka zo ɗiban ruwa, suka fito da shi, aka kai shi Masar. Ya girma, Allah ya ba shi ilimi, har aka ɗora shi a kan taskokin ƙasar. Shi kuwa babansa ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Bayan shekaru masu yawa, yayyen suka je Masar neman abinci, suka tsaya gaban Yusuf ba su gane shi ba. Da ya bayyana musu kansa, sai suka ce: 'Wallahi Allah ya fifita ka a kanmu, mu ne masu laifi.' Kun san abin da ya ce? Ya ce: 'Babu zargi a kanku yau, Allah ya gafarta muku.' Ya ba su rigarsa, aka sa wa babansu a fuska, ya koma yana gani. Su kuma suka ce: 'Baba, ka nema mana gafara, mun yi laifi.' Ya ce zai roƙa musu Ubangijinsa."

Malama ta sa yara su maimaita "Babu zargi a kanku yau" sau uku, sannan ta tambaye su: lokacin da yayyen suka faɗi gaskiya, an dake su? An kore su? A bar yaran su kai ga amsar da kansu.

Aikin hannu zai ɗauki kamar minti 20. Ba za a sa wani yaro ya fito a matsayin Annabi Yusuf ko Annabi Yakubu ba, kuma ba za a zana su ba. Abin da za a kwaikwaya daga rayuwar gida za a ɗauko shi. Yara biyu su riƙe farar rigar a buɗe, malama ta ba da labarin wani yaro, a kira shi Bello idan babu mai sunan a ajin. Innarsa ta aike shi sayen sukari, aka ba shi canjin naira hamsin, ya sayi alewa da ita a hanya. Inna ta ce ina canji, ya ce ba a ba shi ba. A nan yaro ɗaya ya tsoma babban yatsa a jar ƙasa ya dangwala a rigar. Inna ta ce to bari ta tambayi mai shago, Bello ya ce ai mai shago ya rufe ya tafi masallaci: dangwale na biyu. Inna ta ce me ya sa bakinsa ya yi ja, ya ce abokinsa ne ya ba shi alewa: na uku. Daga nan malama ta bar yara su ƙirƙiro abin da Bello zai ƙara faɗa, kowace ƙarya da tabonta. Za a yi dariya, kuma ba laifi ba ne, sai dai a tsayar da su idan tabo ya kai bakwai ko takwas.

Sai malama ta ce: "Bello yana son rigarsa ta koma fara. Wa zai taimake shi?" Ta fara ba wani yaro dama ya goge tabon da busasshen hannu, kowa ya ga yadda yake ƙara yaɗuwa. Sannan ta tambaya me Bello zai ce wa Inna. Jimlar da ake so su koya gajera ce: "Inna, ni na ci kuɗin. Na yi ƙarya, ki yafe mini." Duk yaron da ya faɗe ta da ƙarfi, sai ya zo ya cuɗa rigar a bokiti sau ɗaya. A tabbata marasa surutu na bayan tabarma su ma sun samu zuwa, domin sau da yawa su ne suka fi buƙatar su ji wannan jimla ta fito daga bakinsu.

Jar ƙasa ba ta fita tas a wanki ɗaya, za a ga ɗan shatinta ya rage. Kada malama ta ɓoye wannan. Ta ɗaga rigar ta ce Inna ta yafe wa Bello, amma gobe idan ta aike shi za ta ƙirga canjin a gabansa, kuma sai ya yi ta dawo da shi cif kafin ta daina ƙirgawa.

Akwai tambayar da kusan kullum takan taso, gara malama ta shirya mata. Wani yaro zai ce babansa yakan sa shi ya gaya wa baƙo ba ya nan alhali yana ciki. Kada a kushe uban a gaban ɗansa, kada kuma a ce hakan daidai ne. A koya wa yaron ya roƙi babansa cikin ladabi ko zai iya cewa "Baba yana hutawa, ya ce a dawo an jima." Idan kuma wani ya tashi ya fallasa laifin da ya yi a gida ko a aji, malama ta ce masa Allah ya yi masa albarka da ya faɗi gaskiya, ta hana sauran yi masa dariya, maganar gyara kuma ta bari sai su biyu bayan an tashi.

Dabinon yana da dalilinsa. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa mahaifiyarsa ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Saboda haka idan malama ta yi wa yara alkawarin dabino a farkon darasi, ta ƙirga shi tun a gida, ta ƙara biyar saboda ƙannen da ake biyowa da su.

A rufe da karanta aya ta 119 ta Suratut Tauba, malama na faɗa yara na amsawa, tare da ma'anarta: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku ji tsoron Allah, kuma ku kasance tare da masu gaskiya." Aikin gida shi ne kowane yaro ya ba wani babba a gidansu labarin rigar Annabi Yusuf, ya kuma ƙirga masa ƙarya huɗun da yatsu. Rigar da aka wanke a shanya ta a tagar aji, a bar ta nan har Asabar mai zuwa, domin da ita za a buɗe bitar darasin.