Neman Kwafin Ƙa'idojin Daƙile Kwararowar Hamada na 2011 Kamar Yadda Suka Fito a Gazet

Tsangayar Koyon Shari'a,
Jami'ar Bayero,
Kano.
14 ga Janairu, 2025.

Shugaban Sashen Adana Takardu,
Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya,
Mabushi, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Hauwa'u Sani Garba, ɗaliba 'yar aji biyar a fannin shari'a. Na rubuto ne ina roƙon a taimaka mini da kwafin Ƙa'idojin Muhalli na Ƙasa kan Daƙile Kwararowar Hamada da Rage Illar Fari na shekarar 2011, masu lamba S.I. No. 13, cikakku, kamar yadda aka buga su a Gazet ɗin Gwamnatin Tarayya. Suna cikin jerin ƙa'idojin da Ministan Muhalli ya fitar a wannan shekara bisa ikon da sashe na 34 na dokar 2007 da ta kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, ya ba shi.

Ina rubuta kundin kammala karatuna ne a kan tambaya guda: iya ina ikon Gwamnatin Tarayya ya tsaya wajen hana lalacewar ƙasa a jihohin da hamada ke ci? Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli, ya ambaci ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Amma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, dokokin gandun daji kuma galibi na jihohi ne. To idan ƙa'idar da Minista ya sa wa hannu a Abuja ta ci karo da abin da dokar jiha ta halatta wa manomi ko mai saran itace, wanne za a bi? Wannan ba gardamar aji ba ce kawai. Jihohi goma sha ɗaya ne ke bakin hamada: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara, kuma mutanen da ke cikinsu da ƙasar suke ci, noma da kiwo. Su ne wannan doka za ta kare, su ne kuma za ta hukunta. Shi ya sa ba na so in rubuta ko layi ɗaya a kanta ban ga ainihinta ba.

Ba wai ban sami komai ba. Akwai kwafi biyu a hannuna, sai dai babu wanda zan iya dogara da shi. Na farko na sauko da shi daga intanet. Wani ne ya sake buga shi da hannunsa, babu bangon Gazet, babu lambobin shafi, ban kuma san ko ya tsallake wani abu ba. Na biyu hoton takarda ne da wata ƙawata ta ba ni, an ɗauka daga wani hoton, shafuka uku na ƙarshe sun ɓace, wani adadi kuma a wajen hukunci ya dusashe har ba a rarrabe shi. A doka, sifili ɗaya da ya ɓace daga kuɗin tara ya isa ya rushe babi guda na bincike. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zai karɓi babi na uku ba sai na kafa hujja da Gazet kanta, da lambarta da kundinta da shafinta. Ina ganin gaskiyarsa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 106, ta sa kwafin Gazet cikin hanyoyin tabbatar da irin waɗannan ƙa'idoji a gaban kotu, sashe na 148 kuma ya ce kotu za ta ɗauki Gazet a matsayin sahihiya. Abin da alƙali zai nema, shi ya kamata mai koyon aikin lauya ta saba nema tun tana makaranta.

Don kada a sha wahalar tantancewa, ga abin da nake buƙata. Bangon Gazet ɗin da ke nuna lamba da kundi da ranar fitowa da lambar sanarwar gwamnati. Sai ƙa'idojin daga farko har ƙarshe, da shafukansu masu lambar B, haɗe da wajen fassarar kalmomi, da kowane jadawali da fom da aka rataya, da shafin da ke ɗauke da sunan Minista da ranar da ya sa hannu. Ranar fara aiki ta fi damuna, domin da ita zan san ko abin da wani ya aikata a farkon 2011 ya shiga ƙarƙashinsu ko bai shiga ba.

Akwai kuma wani abu da sai ofis irin naku ne zai iya faɗa mini da tabbaci. An yi wa dokar NESREA gyara a 2018, kafin nan kuma, a 2015, an kafa Hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi ta Ƙasa da dokarta. Ina roƙon a sanar da ni ko tun 2011 an taɓa gyara waɗannan ƙa'idoji, ko an soke wani ɓangare, ko an maye gurbinsu. Idan an yi, lambar Gazet ɗin da ta ɗauki gyaran ma kaɗai za ta wadatar da ni. Idan ba a yi ba, layi ɗaya daga gare ku da ke cewa haka yana da daraja a wurina.

In da hali, na fi son kwafi mai hatimi, irin wanda sashe na 104 na Dokar Shaida ya bayyana: a rubuta a ƙasa cewa ya yi daidai da na asali, da kwanan wata da suna da muƙamin jami'in da ya tabbatar. A shirye nake in biya kuɗin da aka ƙayyade na ɗaukar hoto da na hatimi. A faɗa mini adadin da hanyar biya zuwa asusun gwamnati, zan kawo rasit. Idan hatimin zai ɗau lokaci, ina roƙon a fara ba ni kwafin haka nan in ci gaba da aiki, mai hatimin ya biyo baya.

Na san da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da wa'adin kwana 7 da ta gindaya, amma ba da ita na zo ba. Sashe na 26 ya cire abin da aka riga aka wallafa daga ƙarƙashinta, Gazet kuwa wallafaffiya ce. Don haka wannan roƙo ne na ɗaliba ga waɗanda ke riƙe da amanar takardun. Idan kuma ainihin kwafin ba ya wajenku, yana hukumar NESREA ko Ma'aikatar Shari'a ko Maɗaba'ar Gwamnatin Tarayya, ina roƙon a miƙa wasiƙata can, ko a nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Zan miƙa babi na uku ranar 28 ga Fabrairu, saboda haka zan ji daɗi ƙwarai idan amsa ta iso ni kafin tsakiyar watan. Ana iya aiko ta ta adireshin tsangayarmu da ke sama. Idan kuma ƙa'idar ofis ita ce mai nema ya zo da kansa, a sa mini rana, zan taho Abuja da katin shaidata. Na haɗo da hoton katin, da takardar gabatarwa daga tsangaya, da shafin farko na kwafin da ke hannuna don a gane takardar da nake nufi.

Na gode da lokacin da aka ba wannan wasiƙa. Allah ya taya riƙo, ya saka da alheri.

Taku cikin girmamawa,

Hauwa'u Sani Garba
Ɗalibar Shari'a, Aji Biyar