Zuwa ga ƙanena Bashir

Assalamu alaikum Bashir. Umma ta ce ka daina fita ƙwallo da yamma, ko bikin Haruna da aka yi a Mayerno ma ka ƙi zuwa, wai don kada a ɗauke ku hoto a ga kowa ya fi ka tsawo. Wallahi na kwana da abin a raina.

Ƙanena, Allah ne Ya halicce ka, kuma bai rage maka komai ba. Ka tuna Abdullahi ɗan Mas'ud. Ya hau bishiya tsinko asuwaki, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, sai Manzon Allah (SAW) ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Gidanmu tsawo ba gadonmu ba ne. Dubi Baba, duk gajartarsa, idan ya yi magana a masallaci kowa shiru yake yi. Shekararka 16 kacal, yara maza da yawa suna ƙara tsawo har wajen 18. Ka ci abinci, ka yi barci sosai. Amma don Allah kada ka sayi magungunan nan na ƙara tsawo, cin kuɗi ne kawai.

Ranar Juma'a zan zo daga Wad Madani. Ka sa farar jallabiyarka, ni da kai za mu je gaida Haruna.

Yayarka,
Hadiza