Takardar Roƙon Afuwa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi

Daga Sale Adamu Soro,
Gidan Gyaran Hali na Bauchi.
18 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi,
Ta hannun Majalisar Ba da Shawara kan Yin Afuwa,
Ta hannun Babban Jami'in Gidan Gyaran Hali na Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri gare ka da iyalinka, ina roƙon ka yi amfani da ikon da sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka, ka yafe mini shekara biyu da suka rage a ɗaurin da aka yi mini.

Ni mutumin ƙasar Soro ne, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, kuma shekaruna 39. A watan Agustan 2013, ana tsakiyar damina, rigimar iyakar gona ta haɗa ni da maƙwabcina, marigayi Haruna. Magana ta yi zafi, na ɗaga ƙotar fartanya na buge shi a ka. Ya kwana biyu a asibiti, ya cika. Babbar Kotun Jiha ta same ni da laifin kisan kai wanda hukuncinsa ba kisa ba ne, a ƙarƙashin sashe na 224 na dokar final kod, ta yanke mini shekara 21 a 2016, tare da umarnin a fara lissafi daga ranar da aka kama ni. Idan aka cire kashi ɗaya cikin uku da ake rage wa mai kyakkyawan hali, ranar fitata za ta faɗo a watan Agustan 2027. Shekara 12 ke nan ina tsare.

Ban ɗaukaka ƙara ba, kuma ban zo neman a sake duba shari'a ba. Alƙali bai zalunce ni ba. Haruna abokin wasana ne tun muna kiwon awaki, kwano ɗaya muke ci a gidan mahaifiyarsa, kuma abin da muka yi faɗa a kansa kunya biyu ce ta gyaɗa. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Ko da za a buɗe mini ƙofa gobe, wannan nauyin yana kaina har in koma ga Allah.

Na shigo nan ban iya rubuta sunana da boko ba, karatun allo kuwa na watsar da shi tun ina izu biyar. Shekarun jiran shari'a su ne mafi wuya a gare ni, domin zuciyata ba ta kwanta ba, ina ta kawo wa kaina hujja cewa shi ya fara zagina. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya, wanda yake jan mu salla, shi ya zaunar da ni ya ce tuba ba ta tabbata matuƙar mutum yana raba laifinsa da wanda ya kashe. Maganar ta yi mini ciwo, amma gaskiya ce. A hannunsa na koma karatu, na sauke Alƙur'ani a 2020. Na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan takarda da hannuna na rubuta ta.

A shagon ɗinki na gidan nan na koyi sana'a. Na fara da sa maɓalli da guga, yanzu ina yanka kaftani da babbar riga da kayan makaranta, kuma na ci jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Tun 2021 jami'an da ke kula da shagon suka damƙa mini koyar da sababbin shigowa, yawancinsu samari ne da ƙwaya da zafin kai suka kawo su. Kafin in nuna wa yaro yadda ake taka keke, sai na gaya masa abin da ya kawo ni, don ya ga inda fushin minti ɗaya yake kai mutum. A duk zamana ba a taɓa rubuta ni da laifin faɗa, ko riƙe abin da aka hana, ko yunƙurin gudu ba. Rahoton babban jami'inmu da na jami'in walwala suna haɗe da wannan takarda.

Ranka ya daɗe, da iyalan Haruna ba su yafe ba, da ban iya ɗaukar biro na rubuto maka ba. Na aika musu da saƙon neman gafara a 2018, suka ƙi karɓa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai bara, bayan Babbar Salla, yayansa Malam Idi ya tara dangi a gaban dagacinmu da limamin gari, ya ce sun yafe jinin ɗan'uwansu saboda Allah, ba su neman diyya. Ya tako da ƙafarsa har Bauchi ya gaya mini baki da baki, na durƙusa a gabansa na kasa magana. An rubuta yafiyar, shi da matar marigayin da babban ɗansa sun sa hannu, dagaci ya buga hatimi, ita ma na haɗo ta. Gonar da aka yi rigima a kanta kuwa, 'yan'uwana sun bar wa marayun tun shekarar da abin ya faru. Na yi wa Malam Idi alkawari cewa idan na fita, kayan makaranta da na salla na ƙananan yaran biyu suna wuyana, kuma autan, idan yana so, zan koya masa ɗinki.

Gida ma ana jirana. Mahaifina ya rasu a 2019 ban samu sallar gawarsa ba. Mahaifiyata ta haura shekara 70, hawan jini ya kwantar da ita, idonta kuma ya kusa rufewa. Matata na sawwaƙe mata tun a 2017, don ban ga dalilin da zan ɗaure yarinya da laifin da ba nata ba. Ɗiyata Hauwa, da na bari tana shekara uku, ita ce yanzu take ɗebo wa kakarta ruwa, take dafa mata abinci, kuma saboda haka ta bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare. Shekara biyu ba ta da yawa ga wanda ya yi sha biyu, zan iya jure ta. Tsohuwar ce ban san ko za ta kai ba, yarinyar kuma idan ta ƙara shekara biyu a gida, da wuya ta koma aji.

Ba zan fita in zama kaya a kan kowa ba. Kawuna yana da shago kusa da kasuwar Soro, ya ware mini gefe, kuma da ɗan abin da na tara daga ɗinki da gudummawar 'yan'uwa an riga an sayi keke. Shi da dagacinmu sun amince su tsaya mini. Idan majalisa ta ga ya fi dacewa a sake ni bisa sharaɗi, kamar in riƙa kai kaina gaban hukuma lokaci zuwa lokaci, na yarda da duk abin da aka gindaya.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Gwamna ya sa sunana cikin waɗanda za a duba a afuwar bikin cikar Najeriya shekara 65 da samun 'yancin kai, ranar 1 ga Oktoba mai zuwa. Idan sakin nan take bai yiwu ba, ina roƙon a rage mini abin da ya sawwaƙa. Na san afuwa ba haƙƙina ba ce, alfarma ce, kuma duk abin da aka yanke zan karɓa da biyayya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan amanar jama'ar Bauchi, ya jiƙan Haruna, ya raya abin da ya bari.

Naka mai biyayya,
Sale Adamu Soro