Yadda Ake Haskaka Hoton Iyali da Ya Yi Duhu Ba Tare da Fuskoki Sun Ƙone Ba

Da Babbar Sallar da ta wuce, bayan an kammala aikin naman layya an yi Magariba, muka taru a ɗakin Inna a Argungu, ƙanena ya ɗaga wayarsa ya ɗauke mu hoto. An ɗauke wuta a lokacin, hasken ɗakin bai wuce na fitila mai caji da aka rataye kusa da ƙofa ba. Mutum tara ne a hoton, amma biyu kaɗai ake ganewa, wato Yaya Hadiza da ke zaune daidai ƙarƙashin fitilar sanye da farin leshi, da jaririn da ke cinyarta. Inna kuwa, wadda dominta aka taru, tana bakin gado a ƙuryar ɗaki, ba a ganin komai nata sai farin carbi. Da wannan hoton zan yi bayani, kuma da manhajar gyaran hoto ta Snapseed na gyara shi, domin kyauta ce kuma tana aiki ko babu data.

Kafin a taɓa komai, a nemi asalin hoton daga wayar da ta ɗauke shi. Hoton da ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, kuma wuraren duhu ne suka fi cutuwa da matsewar, ta yadda idan aka haskaka su sai su fito dabbare-dabbare. Na ce wa ƙanena ya sake turo mini shi a matsayin Document, wanda ke isowa yadda yake. A kuma ɗaga hasken fuskar waya zuwa tsakiya, a kashe duk saitin da ke mayar da ita rawaya da dare, don kada ido ya yaudari mutum.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya kama Brightness ya ja shi har sai fuskar da ta fi duhu ta fito. Hoton JPEG yana ajiye hasken kowane launi a matakai 256 ne kawai, daga 0 zuwa 255, kuma duk wurin da aka tura har ya kai 255 ya zama fari fat, babu sauran zane ko launi a cikinsa. Goshin Yaya Hadiza da karan hancinta sun riga sun kusa wannan iyaka tun a asalin hoton, saboda maiƙon fuska yana mayar da hasken fitila. Idan aka ƙara wa hoton haske gaba ɗaya domin Inna, to kafin Inna ta fito fuskar Yaya ta ƙone, adon leshinta ma ya shafe. Saboda haka ma'aunin aikin shi ne fuskar da ta fi kowace haske, a kanta ido zai tsaya duk lokacin da yatsa ke motsi.

A buɗe hoton, a shiga Tune Image. Jan yatsa sama ko ƙasa yana zaɓar abin da za a gyara, jan shi dama ko hagu kuma yana ƙarawa ko ragewa, tsakanin -100 da +100. Na fara da Highlights, wanda ke taɓa wuraren da suka fi haske, na mayar da shi -40, domin in samar wa goshin Yaya da leshinta wurin da za su ƙaru daga baya. Daga nan na koma Shadows, wanda shi ne ke ɗauke da mafi yawan aikin, tunda wuraren duhu yake ɗagawa ya bar masu haske kusan yadda suke. A +50 fuskar Inna ta bayyana, har da zanen atamfarta da kwanukan da ke cikin kabad a bayanta. Sai a ƙarshe na taɓa Brightness, shi ma +15 kawai. Mai amfani da manhajar Lightroom zai tarar da Exposure a ƙarƙashin Light, inda +1.00 ke nufin ninka hasken sau biyu, don haka +0.50 ma ba ƙaramin ƙari ba ne. Waɗannan alƙaluma na wannan hoton ne, wani hoton zai nemi nasa, amma jerin ba ya sauyawa.

Bayan kowane mataki a buɗa hoton da yatsu biyu a dubi goshi, kumatu da karan hanci. Muddin ana ganin launin fata da ɗan zanenta a wurin da ke ƙyalli, ana kan hanya; da zarar wurin ya zama farin tabo mai kaifin gefe, a koma baya.

Har bayan wannan, Kawu da ke tsaye can gefe bai fito sosai ba, kuma a nan ne Selective ke da amfani. A ɗora ɗigo a kan fuskar, a matse yatsu biyu har jan launin da ke nuna iyakar gyaran ya rufe fuskar kaɗai, sannan a ƙara haske kaɗan. Na ba Kawu +25, na bar bangon da ke bayansa da duhunsa. Ina ganin gara ɗakin ya ci gaba da kama da ɗaki bayan Magariba a kan a mayar da shi tsakar rana, domin ɗaga duhu da yawa yana fito da ƙananan ɗige-ɗige kamar yashi, waɗanda kyamarar waya ke haifarwa idan ta yi fama da ƙarancin haske. Saboda wannan dalili ne ma ba na taɓa Structure ko Sharpening a irin wannan hoto, don su ne ke ƙara wa yashin kaifi, su kuma tona kowace tamoji a fuskar tsohuwa.

Akwai wani abu da ya shafi fatarmu musamman. Idan aka ɗaga Shadows da yawa, baƙar fata takan yi toka-toka kamar ta wanda hunturu ya busa bai shafa mai ba. Maganin shi ne a mayar da ɗan Contrast, wato bambancin haske da duhu, kamar +10, sannan a ƙara Warmth kaɗan idan fitilar mai farin haske ce da ke ɗaukar shuɗi-shuɗi. Kada kuma a yi ƙoƙarin daidaita hasken dukkan fuskoki. Inna baƙa ce wankan tarwaɗa ma ba ta kai ba, Yaya Hadiza kuwa fara ce, kuma hoton da ya mayar da su launi ɗaya ya yi wa ɗayarsu ƙarya. Gwajina na farko haka ya fito, da na nuna wa Gwaggo sai ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe Inna ta fara shafe-shafe?" Dole na koma na rage.

Wurin da ya riga ya ƙone tun lokacin ɗauka ba ya dawowa. Kan fitilar da wani sashe na kafaɗar leshin sun kasance fari fat, rage Highlights sai dai ya mayar da su ruwan toka, don haka na ƙyale su. Haka ma hannun jaririn da ya motsa ya yi hazo, ƙarin haske ba ya gyara wannan.

Kafin a adana, a danna hoton a riƙe domin a ga asalinsa, a saki a ga gyararren, a maimaita sau biyu ko uku ana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Sannan a shiga Export a adana shi a matsayin sabon kwafi, asalin ya zauna yadda yake. Idan za a kai wa mai wankin hoto, a fara wanke ƙarami guda a gani, domin takarda ba ta da haske a bayanta kamar fuskar waya, hoto yakan fito da ɗan duhu fiye da yadda aka gan shi. Namu sai da na ƙara Shadows da +10 kafin aka wanke babban da yanzu ke rataye a ɗakin Inna.